Fitila, Tebur da Magariba: Yadda Ake Kwatanta wa Na'ura Hoton Gidan Cin Abinci

Mutumin da zai fitar da baƙinsa cin abincin dare, ko maigidan da ya yi wa uwargida alkawarin fita ranar Asabar, kafin ya kira ya ce a ajiye masa tebur yakan nemi hoton wurin ya duba. A lokacin ba abincin ne ya fi damunsa ba. So yake ya san ko za a iya hira a wurin ba tare da ɗaga murya ba, ko teburan a cunkushe suke har na kusa ya ji sirrin mutum, ko hasken irin na ɗakin jiran asibiti ne. Duk wannan yakan karanto shi daga hoto guda cikin daƙiƙa biyu ko uku, sannan ya kira ko ya wuce.

Tun shekarar 2022, lokacin da manhajojin ƙirƙirar hoto irin su DALL-E 2 da Midjourney da Stable Diffusion suka shigo hannun jama'a, masu gidajen abinci da masu tsara musu talla suka samu wata hanya ta samar da irin wannan hoto. Mutum ya rubuta abin da yake so a cikin jimla biyu ko uku, na'ura ta zana masa. Wannan rubutun shi ake kira umarni. Yawancin manhajojin sun fi jin Turanci, domin da Turanci aka fi koya musu, shi ya sa misalan da za mu kawo za su zo a yadda ake buga su, mu kuma mu warware su da Hausa.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce wata hajiya tana da gidan abinci a Kano, ɗaki ɗaya mai tebur goma sha biyu, da babbar taga da ke kallon yamma, bango fenti launin ƙasa, kujerun katako. Tana sayar da tuwon shinkafa da miyar taushe, da gasasshen nama, da zoɓo mai sanyi. Tana son hoton da zai ce wa mai kallo: zo da yamma, ka zauna, ba mai korar ka. Abin da kusan kowa ke fara rubutawa shi ne wannan:

```
beautiful luxury restaurant, evening, relaxed mood
```

Wato kyakkyawan gidan abinci na alfarma, da yamma, cikin natsuwa. Abin da zai fito kuwa an san shi tun kafin ya fito: fitilun lu'ulu'u na reto daga rufi, daɓen marmara, fararen mayafan tebur, da dogayen kofunan giya jere a gaban kowace kujera. Hoton zai yi kyau, amma na wani otal ne a Faris ko Dubai, ba ɗakin hajiya ba.

Dalilin haka yana cikin yadda aka koyar da na'urar. An nuna mata hotuna masu ɗimbin yawa, kowanne haɗe da ɗan rubutun da aka same shi da shi a intanet. Rumbun LAION-5B, wanda aka yi amfani da wani sashe nasa wajen koyar da Stable Diffusion, yana ɗauke da irin waɗannan hotuna sama da biliyan biyar. Idan aka ba ta umarni, takan fara ne da allo mai cike da ɗige-ɗige kamar na talabijin da ba ta kama tasha ba, ta riƙa share ɗigon mataki-mataki har hoton da ya dace da kalmomin ya bayyana. Duk abin da ba ka faɗa ba, sai ta cike gurbinsa da abin da ta fi gani. Hotunan gidajen abinci da suka fi yawa a intanet kuwa na Turai da Amurka ne, da na manyan otal-otal. Kalmar natsuwa kuma ba abu ba ce da za a zana. Sakamako ce ta wasu abubuwa: inda haske ya fito, inda mai kallo ya tsaya, da abin da ke kan tebur. Wanda ya iya rubuta umarni, waɗannan abubuwan yake faɗa, ya bar natsuwar ta zo da kanta.

Haske shi ne rabin aikin, don haka bari mu daɗe a kansa. Yamma ba haske ɗaya ba ce. Akwai hasken bayan la'asar sakaliya, lokacin da rana ta yi ƙasa, haskenta ya koma ruwan zuma, ya shigo ta taga a kwance, inuwar kujeru ta yi tsawo a ƙasa. Masu ɗaukar hoto suna kiran wannan sa'ar zinariya, a umarni kuma ana rubuta `golden hour`. Akwai kuma na bayan faɗuwar rana, lokacin da sama ta yi shuɗi mai duhu amma dare bai rufa ba, wanda ake rubutawa `blue hour`. Idan ka rubuta yamma kawai, na'ura za ta zaɓa maka ɗaya, ko ta haɗa biyun ta ba ka rana a taga ɗaya da dare a ɗaya tagar.

A ganina, ga hoton da ake so ya jawo mai cin abincin dare, na biyun ya fi. A sa'ar zinariya rana ce ke mulkin ɗakin, fitilu ba su da aiki, hoton kuma yakan yi kama da na wurin shan shayi. Bayan faɗuwar rana kuwa, taga ta yi shuɗi mai sanyi, fitilun ciki suna ba da haske mai ɗumi, sai ido ya ji cewa waje ya fara duhu, nan ciki kuma akwai mafaka. Wannan sabanin launi biyun shi ne mafi yawan abin da mutane ke kira kwanciyar hankali a hoto, ko da ba su san sunansa ba.

Launin haske yana da ma'auni, ana kiransa Kelbin, ana rubuta shi da harafin K a jikin kwalin ƙwan lantarki. Abin da ke rikita mutane shi ne, ƙaramar lamba ita ce mai ja-ja, babba ita ce mai fari-shuɗi. Harshen kyandir yana wajen 1900K. Tsohon ƙwan lantarki mai zare, wanda ke ƙona yatsa idan an taɓa, yana wajen 2700K. Farin ƙwan da ya cika shagunanmu da ofisoshinmu yana wajen 6500K, wato kusan hasken tsakar rana. Na'urar ba ta auna Kelbin kamar injiniya, amma ta ga lambar 2700K a jikin hotunan fitilu masu ɗumi sau da yawa, don haka lambar takan ja ta zuwa can. Ya fi kyau a haɗa lambar da kalma, a ce `warm 2700K light`, domin idan ɗaya bai kama ba ɗayan ya kama.

Bayan launi sai tushe. Kada a ce haske mai laushi kawai, a faɗi abin da ke ba da shi. Fitila mai reto a saman kowane tebur, wadda masu tsara ɗaki sukan rataye ta kimanin santimita 75 zuwa 90 daga fuskar tebur, tana zuba haske a kan faranti ta bar tsakanin tebur da tebur da ɗan duhu. Haske yana raguwa da sauri idan ya yi nisa da tushensa: a ninka nisan sau biyu, ƙarfinsa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa kowane tebur yake zama kamar ɗan tsibiri, mai kallo kuma ya ji cewa idan ya zauna ba za a sa masa ido ba. Fitilar da ke manne da rufi tana haska ko'ina daidai wa daida, kuma ita ce ke ba da hoton kantin magani. Tushen haske biyu sun isa a umarni, taga da fitilar tebur. Idan aka ƙara kyandir da fitilar bango da ta ado, inuwoyi sukan rikice, kowace ta nufi inda ta ga dama.

Sai inda mai kallo ya tsaya. Na'ura tana son ta nuna ɗakin gaba ɗaya daga sama ko daga ƙofa, kamar hoton dillalin gidaje. Wannan yana nuna girman wuri, amma ba ya sa mutum ya ji ya zauna. Tebur yana da tsayin kimanin santimita 75, idon wanda ke zaune kuma yana wajen mita ɗaya da 'yan kai daga ƙasa. Idan aka rubuta `seated eye level`, sai hoton ya sauko daidai idon baƙon da ya riga ya ja kujera. Ana kuma iya aron lambobin masu kyamara. Ruwan tabarau na 24mm yana kwaso ɗaki da faɗi amma yana miƙar da gefuna, faranti ya koma kamar ƙwai. Na 35mm ko 50mm ya fi kusa da yadda ido ke gani. Lambar f/2.8 kuma tana nufin teburin gaba ya fito tsaf, bayan ɗakin ya narke ya yi dishi-dishi. Wannan dishi-dishin yana da wani amfani na ɓoye: kurakuran na'ura sun fi yawa a can baya, inda kujeru ke cin juna, kuma idan bayan ya narke ba a ganinsu.

Yanzu teburin kansa, inda na'ura ta fi jin kunya. A tsarin Turawa, cokali mai yatsu yana hagun faranti, wuƙa tana dama kaifinta na kallon faranti, cokalin miya yana damar wuƙa, kofi kuma yana saman wuƙa. Kowane mai ci ana ba shi faɗin kimanin santimita 60. Na'ura ta san kamannin wannan tsari amma ba ta iya ƙirga ba. Za ka ga cokali mai yatsu bakwai, ko wuƙa mai kan cokali, ko tebur mai kujera huɗu da faranti biyar. Maganin shi ne rage kaya. Tebur na mutum biyu, faranti biyu, kofi biyu, ya fi fitowa daidai a kan na mutum shida. Ga hajiya ma abin ya zo da sauƙi, domin mai cin tuwo ba ya buƙatar jerin ƙarafa: cokali ɗaya, da kwanon wanke hannu, shi ke nan.

Matsalar kofunan giya tana buƙatar dabara. Abin da hankali ke ba mutum shi ne ya rubuta `no wine` a cikin jimlar. Sau da yawa wannan yakan kawo giyar ne maimakon ya kore ta, domin na'urar ta ji sunan abin, ba ta kuma riƙe kalmar korewa da ƙarfi ba, musamman tsofaffin manhajoji. Akwai wuri na musamman da aka tanada don korewa. A Midjourney ana ƙara `--no` a ƙarshen umarni a biyo shi da abin da ba a so. A Stable Diffusion akwai akwati daban mai suna `negative prompt`. Amma abin da ya fi duka aiki shi ne ka cike gurbin da kanka, ka faɗi irin kofin da kake so: gajere, maras ƙafa, `short plain tumblers`. Idan wurin kofi ya riga ya cika, na'ura ba ta da inda za ta ajiye nata.

Zoɓo kuma yana da tasa rigimar. Jan ruwa a cikin gilashi, a ɗaki mai duhu-duhu, ƙarƙashin fitila mai ɗumi, kowa ya san abin da zai yi kama da shi, kuma a Kano wannan ba ƙaramin kuskure ba ne ga gidan abincin iyali. Idan ana son zoɓon ya fito a matsayin zoɓo, a sa shi a jug, a ambaci ƙanƙara da yankan abarba ko kokwamba a ciki, a kira shi `hibiscus drink`, domin wannan sunan na'urar ta fi sani. Idan duk da haka ya ƙi, a bar ruwa fari a kofin, zoɓon a ɗauki hotonsa na gaske daban.

Haka abin yake da kayan gida. Rubuta faifai ko akushi ko ludayi ba ya haifar da komai, ko ya haifar da wani abu dabam. Rubuta cewa wurin na Afirka ne yakan jawo abin rufe fuska na sassaƙa a bango da fatar damisa, rubuta cewa na Musulmi ne kuma yakan jawo fitilun tagulla na Maroko. Hanyar da ke ɓullewa ita ce a kwatanta abin da siffarsa da kayan da aka yi shi da su, kamar yadda za ka kwatanta wa baƙon da bai taɓa gani ba. Faifai ya zama zagayayyen saƙi na ciyawa mai launin ja da baƙi. Akushi ya zama baƙin kwanon katako sassaƙaƙƙe. Tuwo kuwa shawarata a bar shi. Na'ura takan mayar da shi dakakken dankali ko dunƙulen askirim, kuma duk Bahaushen da ya gani zai gane. Teburin da aka shirya ana jiran baƙo, babu abinci a kai, ya ma fi dacewa da hoton da ke cewa an ajiye maka wuri.

Saura alamun sakin jiki. Teburin da komai ya miƙe kamar sojoji a fareti yana sa mutum ya ji dole ya sa babbar riga kafin ya zo. Ƙananan abubuwa ne ke sassauta shi: kujera ɗaya da aka ɗan ja baya, adiko da aka naɗe sako-sako, mayafin tebur mai ɗan tamoji. Ɗaya ko biyu sun isa. Idan aka wuce haka, sai hoton ya koma na teburin da aka ci aka tashi ba a kwashe ba. Mutane kuma, in za a sa su, a tura su can baya cikin dishi-dishi. Ɗakin da babu kowa sam yana iya kama da wanda ba ya ciniki, amma fuska da yatsu a kusa su ne inda idon mai kallo ya fi saurin kama ƙarya.

Idan aka tattara duk wannan, umarnin hajiya zai koma kamar haka:

```
table for two in a small restaurant, seated eye level, 35mm, f/2.8,
blue hour in the window, one low pendant lamp, warm 2700K light,
earth-brown plaster wall, wooden chairs, one chair pulled back,
two plates on round woven grass mats, two short plain tumblers,
empty wall on the left --ar 16:9 --no wine glasses, text
```

An fara da teburin mutum biyu saboda kalmomin farko sukan fi nauyi a wurin na'ura. Tsawon ma da gangan aka taƙaita shi: tsofaffin nau'o'in Stable Diffusion guntayen kalma 77 kawai suke karantawa a zubi ɗaya, kuma ko a sababbi, dogon umarni yakan sa wani abu ya faɗi a hanya. Bangon hagu da aka ce a bari fili, wurin da za a ɗora sunan gidan abincin ne daga baya da hannu, domin rubutun da na'ura ke zanawa a jikin allo ko takardar jerin abinci yakan fito da haruffan da ba na kowane harshe ba. Shi ya sa aka kore rubutu tare da kofunan. Alamar `--ar 16:9` tana ba da hoto mai faɗi irin na allon kwamfuta. Wanda za a kalla a waya a tsaye, sai a mayar da shi `4:5` ko `9:16`, kuma gara a sake ƙirƙirarsa a wannan siffar da a yanke mai faɗin, domin yankan yakan tafi da taga, tagar kuwa ita ce magaribar.

Da wuya zubin farko ya yi daidai. A ce ya fito, amma duk ɗakin ya yi ruwan lemo kamar an kunna wuta a ciki. Wannan alama ce ta cewa ɗumin ya rinjayi shuɗin, sai a ƙarfafa tagar da `deep blue dusk sky` a bar sauran yadda yake. Ka'idar gyara ita ce a canza abu ɗaya a lokaci guda. Akwai lambar da ake kira `seed`, wadda ke ƙayyade ɗigon da na'ura ta fara da shi. Idan aka riƙe lamba ɗaya aka canza kalma ɗaya, hoton yakan tsaya kusa da yadda yake, sai a ga abin da kalmar ta yi. In ba a riƙe ta ba, kowane zubi sabon ɗaki ne, mutum ba zai san gyaransa ne ya yi aiki ko sa'a ba.

Kafin a amince da hoto, a buɗe shi a babban allo a bi shi a hankali. A ƙirga ƙafafun kujeru, a ga ko duk sun taɓa ƙasa. A bi igiyar fitila da ido har rufi, domin takan ɓace a tsakiya fitilar ta tsaya a iska. A duba inuwar kofi: idan fitila tana sama, inuwar gajeriya ce a gindinsa, ba doguwa mai nufar taga ba. A duba gilashin taga, inda wani lokaci ake ganin hoton wani ɗakin da babu shi.

Akwai iyakar da gwanintar umarni ba ta tsallakewa. Hoton da ya fito ba ɗakin hajiya ba ne, ɗaki ne mai kama da shi. Baƙon da ya ajiye tebur saboda fitila mai reto da ya gani, ya zo ya tarar da farin ƙwai a rufi da talabijin na ihun ƙwallo, ba zai yi shiru ba, kuma a gari irin Kano labari ba ya kwana. Don haka ni na fi ganin amfanin irin wannan hoto a matsayin gwaji kafin kashe kuɗi. Hajiya za ta iya ganin ɗakinta da fitila mai reto da kuma babu ita, da mayafin tebur da kuma katako tsirara, kafin ta kira mai gyaran wuta. Wasu manhajojin ma suna karɓar hoton ɗakin na gaske su canza haskensa kawai, wanda ya fi kusa da gaskiya.

Idan ta zaɓi wanda ya yi mata, sai ta sauya ƙwayayen 6500K da na 2700K, ta sauko da fitila ɗaya a kan teburin da ke kusa da taga, ta miƙa wa mai ɗaukar hoto wannan umarnin a matsayin takardar aiki, domin duk abin da ke ciki yarensa ne. Abu ɗaya za ta gargaɗe shi a kai. A Landan ko Faris, shuɗin bayan faɗuwar rana yakan daɗe, musamman a tsakiyar shekara. Kano tana wajen digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, inda rana ke nutsewa kusan a miƙe, shuɗin ba ya wuce minti ashirin da 'yan kai, kuma ya faɗo daidai lokacin sallar magariba. A lokacin hunturu ma ƙura takan mayar da shi toka-toka. Sai a shirya tebur, a kafa kyamara a kan ƙafafunta, a gwada fitila tun da sauran rana, ta yadda da an idar da salla abin da ya rage kawai a danna.